Kafin ka sayi SMS na jimla, ƙirga shafi, ba saƙo ba

Jama'a, duk wanda zai fara tura wa kwastomominsa SMS na jimla tambayarsa ɗaya ce: "Nawa ne saƙo ɗaya?" A ganina wannan tambayar ce ke cinye kuɗin mutane. Farashin da ake tallatawa na shafi ɗaya ne, a hanya mafi araha, zuwa lambar Najeriya. Kai kuma abin da za ka biya a ƙarshen wata ga shi:

```
lambobi × sau nawa a wata × shafuka × farashin hanya
```

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Babban Mutum, can ƙaramar hukumar Baure, bakin iyakar Nijar. Yana da kwastomomi 600: guda 500 masu lambar +234, guda 100 kuma mutanen wajen Magarya masu +227. Sau 4 a wata yake tuna musu ranar biyan bashi, saƙon kuma harafi 150 ne. Farashin da zan sa na misali ne kawai, kai ka duba na kamfaninka. Ya ji an ce naira 4, ya buga 600 sau 4 sau 4, ya ga naira 9,600. Ya ce ai abin da sauƙi.

Wuri na farko da lissafin ya karye shi ne rubutun kansa. Shafin SMS na ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan suna cikin tsarin GSM-7. To ƙ, ɗ da ɓ ba sa ciki, haka alamar ₦ da emoji. Ɗaya tak ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma Unicode, shafi ya dawo harafi 70, idan kuma ya wuce shafi ɗaya kowanne 67 ne. Harafi 150 ya zama shafi 3 ke nan, kowanne da kuɗinsa. Gane wannan ba wuya: ka sa ido kan ma'aunin da ke ƙasan akwatin rubutu, da ka danna ƙ za ka ga lambar ta faɗo.

Na biyu, hanya. Tun 2016 hukumar NCC ta ba kowa damar tura STOP zuwa 2442 ya toshe saƙonnin talla, wato DND. Hanya mai araha ta talla ce, ba ta shiga irin waɗannan layukan, kuma akwai kamfanonin da ke cire kuɗi da zarar ka tura, saƙon ya isa ko bai isa ba. Tunatarwar bashi ba talla ba ce, don haka hanyar sanarwa ta dace da ita, wadda ke wuce DND amma ta fi tsada. A ce naira 6. Lambobi 500 sau 4 sau shafi 3 sau 6, naira 36,000.

Na uku shi ne wanda ya fi cizon mutanen bakin iyaka. Manhaja ba ruwanta da inda mutum yake tsaye, lambarsa take kallo. Mai layin Zamani ko Moov, ko a ƙofar shagonka yake zaune, saƙon ƙasar waje ka tura masa. A ce shafi naira 100. Lambobi 100 sau 4 sau 3 sau 100, naira 120,000. Jimla naira 156,000, ga mutumin da ya tanadi 9,600!

Yanzu ya cire haruffan lanƙwasa, ya rubuta N maimakon ₦, saƙon ya dawo shafi ɗaya: 12,000 na Najeriya, 40,000 na Nijar, duka 52,000. Idan ya mai da na Nijar ɗin zuwa WhatsApp ko kira, 12,000 kawai ya rage masa.

Na san wani zai ce, Malam, kana koya wa mutane ɓata rubutun Hausa ke nan. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, don "baki" da "baƙi" ba ɗaya ba ne, "kasa" da "ƙasa" ma haka. Amma "ranar Asabar za a biya kudin taki" ba wanda zai ruɗe. Inda ma'ana za ta rikice, ka sauya kalmar, ko ka bar lanƙwasar ka matse saƙon kada ya wuce harafi 70. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka biya ninki uku ba tare da ka san ka zaɓi hakan ba.

Kafin ka loda kuɗi mai yawa, raba lambobinka gida biyu, +234 da +227. Tura ainihin saƙon zuwa lambobi goma, har da mai DND da ta Nijar, sannan ka duba nawa aka cire da waɗanda rahoto ya nuna sun isa. Ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin. Kuma kada ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka tun da daɗewa, domin a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa har kashi 50. Da sakamakon goman nan za ka buga lissafin wata.