Sai Maigida Ya Tashi

Duk wanda ya taɓa shiga ofis da misalin ƙarfe biyar na yamma ya san abin da za mu faɗa. An kulle fayil, an share tebur, amma ba wanda ya motsa. Wannan yana juya takardar da ya karanta tun da hantsi, wancan yana latsa waya a ƙarƙashin tebur, ido kuwa duk yana kan ƙofa guda. Motar maigida tana nan a inuwa, saboda haka kowa yana nan. Idan ka tambayi ɗayansu abin da ya tsare shi, sai ya ce da kai, "Ai Yallaɓai bai tashi ba." Mu da muke shirin barin jami'a, da yayyenmu da suka riga mu kama aiki, ya kamata mu dubi wannan al'ada da idon basira tun kafin ta zame mana jiki.

Bari mu fara da lissafi. Mu ɗauki ƙaramin ma'aikaci wanda ƙa'idar aikinsa ita ce daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, kwana biyar a mako, watau awa 40. Maigidansa ba ya tashi sai ƙarfe 7. Awa uku ke nan a kullum, awa 15 a mako, jimla awa 55. Wannan adadi ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka gwada da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar awar aiki. Ashe ɗan'uwanmu mai jiran motar maigida ta tashi ya taka wannan iyaka bai sani ba, kuma ba a biya shi ko kwabo a kai ba.

Me ya sa al'adar take da ƙarfi haka? A ganinmu dalilin guda ne: zama ana ganinsa, ingancin aiki kuwa sai an bincika. Kafin shugaba ya san ko bayanin da ka rubuta a fayil yana da ma'ana, dole ya zauna ya karanta. Amma kafin ya san ko kana kan kujera, leƙowa kawai zai yi. Da haka zama ya koma ma'aunin biyayya, kuma da zarar mutum ɗaya ya sami yabo saboda an gan shi bayan magariba, sauran sun ɗauki darasi. Sau da yawa ma shugaban bai ce kowa ya jira shi ba. Wataƙila shi ne ya iso ofis da ƙarfe goma sha ɗaya, ya wuni a taro, sai da la'asar ya sami sukunin duba takardu. 'Yan ganin ido ne suka mai da jinkirinsa doka, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Wanda yake son ya ga inda wannan hanya take ɓullewa, ya dubi Japan. A can al'adar ƙin tashi kafin shugaba ta yi ƙarfi har harshensu ya sami kalma ta musamman, karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki. A watan Disamba na 2015 wata matashiya 'yar shekara 24, wadda ba ta cika shekara guda da kama aiki a kamfanin talla na Dentsu ba, ta kashe kanta. Jami'an ƙwadago suka bincika, suka tabbatar ta yi ƙarin aiki fiye da awa 100 a cikin wata ɗaya, suka kuma danganta mutuwarta da aikin. Shugaban kamfanin ya yi murabus, kotu ta ci kamfanin tara a 2017. A 2018 majalisar ƙasar ta yi doka wadda ta ƙayyade ƙarin aiki, a bisa ƙa'ida, kada ya wuce awa 45 a wata. To, mu koma ga lissafinmu: awa uku sau kwana 22 na aiki awa 66 ke nan a wata. Abin da muke kira ladabi ya zarce abin da ƙasar da ta fi kowa suna wajen yawan aiki ta ɗauka a matsayin iyaka.

Wani zai ce ai ma'aikata tana cin riba. Ko wannan ma da sauran magana. Masanin tattalin arziki John Pencavel ya sake nazarin bayanan masu ƙera harsasai a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga cewa bayan awa 49 a mako ƙaruwar abin da ake samarwa tana raguwa, har ya zama aikin awa 70 bai fi na awa 56 da wani abin kirki ba. Idan haka abin yake ga aikin hannu a lokacin yaƙi, ina ga mai rubuta wasiƙa da ido jawur?

To, yaya ƙaramin ma'aikaci zai yi? Ba za mu ce ya miƙe a taro ya yi wa shugaba lacca ba, domin wanda bai ko sami tabbacin aiki ba shi ne zai kwana ciki. Akwai darasi a binciken da Erin Reid ta wallafa a 2015, bayan ta yi hira da ma'aikata fiye da 100 na wani babban kamfanin ba da shawara. Ta iske kashi uku. Na farko sun miƙa wuya, suna aiki dare da rana. Na biyu sun fito fili sun nemi a rage musu lokaci, aka rage musu daraja a rahoton aiki. Na uku sun rage awarsu shiru: sun zaɓi ayyukan da ba sa bukatar yawan tafiya, ba su yi shelar fitarsu ba, suna kuma rufa wa juna asiri. Waɗannan an yaba musu kamar na farko. Ma'ana, shugabannin ba su iya bambance mai yawan awa da mai kammala aiki ba.

Ga yadda muke ganin ɗan'uwanmu na ɗazu zai yi amfani da wannan. Tun da zama ake gani, sai ya ba shugaba wani abin gani da ya fi zama. Da safe, ko da zarar maigida ya iso, ya shiga ya ce, "Ranka ya daɗe, ga fayil uku a hannuna, wanne za a fara?" Ya gama su kafin ƙarfe biyu, ya tabbata an rubuta fitarsu da kwanan wata a littafin shige da ficen fayil. Wannan littafi shi ne shaidarsa ranar da wani zai ce ba ya aiki. Shi kansa ya riƙe ɗan littafi a aljihu yana rubuta abin da aka ba shi da ranar da ya mayar.

Babbar jarrabawa ita ce fayil ɗin da ke sauka a tebur saura kwata a tashi. A nan kada ya ce a'a, kada kuma ya zauna shiru ya fara. Ya tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, yaushe ake bukatarsa?" Sau da yawa amsar ita ce taron gobe da ƙarfe goma, ko ma mako mai zuwa. Sai ya ce, "Zai kasance a teburinka kafin ƙarfe tara." Sharaɗin shi ne ya cika alkawarin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Idan ya saɓa sau guda, dabarar ta rushe, domin ya ba da hujjar cewa tafiyarsa tana jawo asara.

Idan lokaci ya yi, ya leƙa ya yi sallama, ya tambaya ko da sauran abin yi. Sulalewa ta bayan gida ita ce ke kama da laifi. Ya fara da kwana biyu a mako, ya ɗaura su a kan wani abu tsayayye da kowa zai sani, kamar karatun yamma ko ɗauko yara. Sa'an nan, da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ma'aikatan ɗaki guda su shirya tsakaninsu: in su biyar ne, mutum ɗaya ya tsaya kowace rana ko da maigida zai nemi wani abu. Maigida bai rasa mai amsa kira ba, kowa kuma ya sami yamma huɗu a mako.

Dole mu faɗi iyakar wannan shawara. Ba kariya ba ce ga mai zuwa ƙarfe goma ya tashi da azahar. Irin wannan shi ne yake sa a zargi kowa. Akwai kuma lokutan da tsayawa wajibi ne, kamar makon haɗa kasafin kuɗi, ko asibiti idan mai karɓar aiki bai iso ba. A irin wannan rana a tsaya da zuciya ɗaya, domin wanda aka gani ranar bukata ba a cika tuhumarsa ranar da ba bukata. Haka nan dabarar ba ta yi wa kowa daidai. Reid ta lura cewa maza sun fi samun damar ragewa shiru, mata kuwa sun fi neman izini a fili, su ne kuma suka fi shan hukunci. Saboda haka jerin masu tsayawa ya haɗa da kowa, kada a bar 'yar'uwarmu mai goyo ta riƙa roƙo ita kaɗai.

A kuma sa ido a kan alamu. Idan aka daina turo maka fayil masu muhimmanci, ko aka fara yin taro bayan tashi ba a gaya maka ba, ko shugaba ya fara zolayarka da cewa kai ɗan ƙarfe huɗu ne, to shiru ya daina amfani. Lokaci ya yi da za ka shiga da ɗan littafinka, ka nuna abin da ka kammala, ka tambayi inda ka gaza. In abin ya kai ga takardar tuhuma, ka amsa a rubuce da kwanan wata, ka kuma nemi shawarar ƙungiyar ma'aikata.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi. Ragewa shiru tana ceton mutum ɗaya ko ɗaki ɗaya, amma al'adar tana nan daram, domin shugaba yana ci gaba da zaton kowa yana kwana a ofis. Wanda zai iya karya ta shi ne mai kujera. Nan da shekara goma ko goma sha biyar waɗansunmu ne za su zama masu motar da ake jira ta tashi. Ranar da haka ta faru, idan aiki ya tsare mu bayan ƙarfe huɗu, mu buɗe ƙofa mu ce wa na ƙasa da mu, "Ku tafi gida, sai da safe." Gobe kuma mu karanta fayil ɗin da suka rubuta kafin mu yanke hukunci a kan biyayyarsu.