Minti 12 ba ya ɗaukar babi biyar, a daina tilasta masa

 Lokacin tarukan ƙara wa juna sani ya zo, wasu takardunsu sun samu shiga, kuma na san da yawa sun riga sun buɗe kwamfuta suna kwafo babi na ɗaya zuwa na biyar suna zubawa a silaid. Ni dai ra'ayina, wannan hanyar ita ce ke kashe mana jawabi tun kafin mu hau mumbari.

Mu fara da lissafi. Yawanci minti 15 ake ba mutum, a ciki ana cire kamar 3 na tambayoyi, saura 12. Wanda ke magana da Turanci a natse, yadda na bayan ɗaki zai gane shi, yana faɗin kalma wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Kenan duk jawabinka wajen kalma 1,500 ne kawai. Takardar da ka rubuta kuwa ƙila ta kai kalma 7,000. To ka ga kusan kashi huɗu cikin biyar ba zai shiga ba, ko ka so ko ba ka so. Abin da ya rage shi ne wa zai zaɓi wanda za a zubar. In kai ba ka zaɓa tun a ɗaki ba, shugaban zaman ne zai zaɓar maka da 'yar takardar nan ta "saura minti biyu", kuma abin da zai yanke shi ne na ƙarshe, wato sakamakonka, abin da ka sha wahalar shekara biyu a kansa.

Bari in ɗauki misali daga fanninmu na noma, don maganar ta fito fili. A ce ɗaliba ta yi bincike a kan adana wake. Ta gwada hanya uku: buhu na gama-gari, buhun da aka sa wa maganin ƙwari, da buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, wanda aka fi sani da buhun PICS, da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Ta ajiye waken wata shida. Duk wata tana auna abu bakwai: yawan iskar oksijin a cikin buhu, ƙwayar wake nawa ƙwari suka huda cikin ɗari, nauyin da ya ragu, danshi, zafi, ƙwaya nawa ta tsira da aka shuka, sannan farashi a kasuwa. A takarda kowanne yana da jadawalinsa, kuma daidai ne, don mai karatu yana iya tsayawa, ya koma baya, ya sha shayi ya dawo. Mai sauraro ba shi da wannan damar. In ya ɓata a jadawali na uku, ya tafi kenan, sai dai ka ga kansa a sunkuye kan waya.

To cikin bakwai ɗin nan wanne za ta ɗauka?

Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ɗauki wanda aka fi shan wahala a kansa. Auna zafi kullum safe da yamma har wata shida ba wasa ba ne, amma wahalarki ba ta shafi mai sauraro ba. In zafin bai bambanta tsakanin buhunan ba, jimla ɗaya ta ishe shi. Tarko na biyu shi ne bin tauraron da manhajar lissafi ta sa wa lamba. A ce danshi ya bambanta da ɗigo uku kacal tsakanin buhu biyu, kuma ya fito da p < 0.05. Lissafi ya ce bambancin ba dace ba ne kawai, shi ke nan abin da ya ce. Bai ce akwai manomi ko ɗan kasuwar Dawanau da zai canza wani abu saboda ɗigo uku na danshi ba.

Ma'aunin da nake ganin ya fi shi ne wannan tambayar: wane sakamako ne in mutum ya ji shi, zai fita ɗakin da wani tunani daban da wanda ya shigo da shi? In ta bi da bakwai ɗin ta wannan rariyar, za ta ga hudar wake ce ke tsayawa. A ce ta samu cewa bayan wata shida waken buhu na gama-gari ya zama gari, amma na buhu mai leda yana nan kusan yadda aka zuba shi, kuma bai gaza na mai magani ba. Wannan shi ne jawabin: ana iya kare wake yadda magani ke karewa ba tare da magani ba. Duk sauran ma'aunan yanzu sai su zo neman aiki a ƙarƙashinsa, wanda ba shi da aiki a sallame shi.

Oksijin yana da aiki, don shi ke amsa "me ya sa?". Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari. Da an ɗaure ledar, ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye shi da numfashinsu, har ya yi ƙasa sosai su daina ci. Hoto ɗaya na layin da ke gangarowa ya isa ya nuna wannan. Tsirar iri ma tana da aiki, don ita ce tambayar farko da duk ɗan manomi zai yi: in iska ba ta shiga, irin bai mutu ba? Ka ga ɗaya babba, biyu masu tallafa masa. Nauyin da ya ragu kuwa labarin hudar yake maimaitawa da wata lamba, sai ya zauna a gida. Danshi da zafi su koma silaid na ajiya.

Sai dai fa babban sakamakon yana canzawa da irin mutanen da ke ɗakin. A taron jami'an malaman gona, zancen "ba sai da magani ba" shi ne kan gaba. A taron masana ƙwari, wannan tsohon labari ne, sun san shi tun tuni. Abin da zai sa su ɗago kai shi ne yadda ƙwaron ke mutuwa. Larry Murdock da abokan aikinsa sun wallafa a 2012 cewa ba shaƙewa kaɗai ba ce: tsutsar da ke cikin busasshen wake tana samun yawancin ruwan jikinta ne daga narkar da abinci da oksijin, to da oksijin ya yanke ruwan ya yanke, sai ta bushe. In 'yar uwarmu tana da wani awo da ya taɓa wannan batun, a wancan ɗakin shi za ta sa a gaba, hudar wake ta koma mai tallafi. In kuma masana tattalin arziki ne, farashin da ta yar a baya shi ne zai dawo ya zama sarki. Shi ya sa kafin ka buɗe silaid, ka fara duba jerin takardun da aka haɗa ka da su a zama ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce: ai oga, wato mai duba aikin, zai ce ina sauran? Kuma wai barin wasu sakamako ba ɓoye gaskiya ba ne? Na farkon yana da sauƙi. Ranar kare kundi alƙalai ne a gabanka, aikinsu su tabbatar ka yi komai, nan kam a bi babi-babi. Taro kuwa abokan sana'a ne da suka saurari mutum shida kafin kai, ga yunwa. In ka je wa malaminka da wannan bayanin cikin ladabi, ka nuna masa sauran suna silaid na ajiya, da wuya ya ƙi.

Na biyun shi ne mai nauyi, kuma a nan ba na sassauci. Akwai bambanci tsakanin barin abin da bai ƙara komai ba da barin abin da ya ci karo da maganarka. A ce cikin buhunan leda da ta ajiye, biyu sun huje, ko ɓera ne ko ɗauri ne bai yi ba, kuma wakensu ya lalace kamar na gama-gari. Wannan ba ya cikin abin da ake zubarwa don ƙarancin lokaci. Dole ya samu minti ɗaya nasa, daga bakinta, kafin wani farfesa ya tono shi a lokacin tambaya. Kuma wallahi sau da yawa shi ne abin da mutane za su fi tunawa, don shi ke nuna iyakar fasahar: duk amfaninta yana rataye ne a kan ledar ta zauna ba huji.

Rabon lokacin kuma kusan haka zai kasance. Minti ɗaya da rabi na matsalar, ba tarihin wake tun daga asalinsa ba, hoton wake mai huji ya wadatar. Nazarin ayyukan magabata da ya ci shafi goma a takarda, a nan jimla biyu ne: ga abin da aka sani, ga giɓin. Minti biyu na yadda aka yi gwajin, iya abin da zai sa a yarda da lambobin: buhu nawa, wata nawa, ta yaya aka ƙirga huji. Minti shida cif na sakamako ukun nan, babban ya ci rabi. Ɗaya na buhunan da suka huje, ragowar na abin da hakan ke nufi. Silaid goma zuwa sha biyu. Kan kowanne a rubuta abin da aka gano a cikakkiyar jimla, ba "Jadawali na 4.2" ba. Kuma kar a manno jadawalin takarda mai layi goma sha biyar sannan a ce wa mutane "na san ba kwa gani sosai". In ka san ba a gani, don Allah me ya kawo shi?

Ga gwajin da za ka gane ko zaɓin ya yi. Rufe kwamfutar, ka samu wani namu da ba fanninku ɗaya ba, ko a masallacin makaranta bayan la'asar ko wajen mai shayi a Sabo, ka faɗa masa abin da ka gano da Hausa cikin minti ɗaya. Washegari ka ce ya maimaita maka. In ya ce "wani abu dai a kan wake", ba ka zaɓa ba tukuna. In ya ce "ka ce buhu mai leda yana kare wake kamar magani matuƙar bai huje ba", to ka samu jawabi, wanda ko wuta ta ɗauke firojekta ta mutu za ka iya ƙarasa shi da baki. Ga mu da Turancin ke ɗan sarƙe mana in mun tsorata, wannan ma ya fi mana sauƙi, don riƙe magana uku a ka ba ɗaya ba ne da karanto sakin layi ashirin daga bango kana juya wa mutane baya.

Silaid na ajiyar nan kuma a sa su bayan na godiya, a ba kowanne lamba, a rubuta lambobin a 'yar takarda a hannu. In wani ya ce "danshi fa?", a PowerPoint sai ka buga lambar silaid ɗin ka danna Enter, ya fito nan take, ba sai ka yi ta gungurawa mutane na kallo ba.