AS da AS: Lissafin da Ba Ya Bin Layi

Akwai lissafin da ke yaudarar ma'aurata masu jinin AS. Sun ji cewa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da sikila, sai su ɗauka in ɗan fari ya fito SS, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka abin yake ba. Kowane ciki da nasa rabon: ɗaya cikin huɗu SS, biyu AS, ɗaya AA, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya haifar ba. Shi ya sa za ka tarar da gida mai 'ya'ya huɗu, uku suna kwana kuka da ciwon ƙashi, maƙwabtansu masu irin jininsu kuwa ko ɗaya babu. Haka nan AS da AC na iya haifar SC, wanda shi ma sikila ne. A ganina kuskurenmu na lokaci ne. Gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an sa rana, ba ya hana komai, domin kunya da asarar dukiya sun riga sun ɗaure bakin kowa. Iyaye, ku nemi takardar gwaji daga asibitin da kuka amince da shi tun kafin a kai gaisuwa.