Ɗigo Ɗaya Tsakanin Yero da Dikko

Ta Ƙofar 'Yandaka Lugard ya shiga Katsina a 1903, kuma cikin shekara huɗu birnin ya ga sarakuna uku: Abubakar, sai Yero daga 1904, sai Muhammadu Dikko daga 1906. Wasiƙu da takardun gado na wannan zamani har yau suna cikin gafaka da adaka a gidajen birni, kuma jikoki sun fara ɗaukar hotonsu suna kai wa masu kwamfuta su gyara. Abin da ya kamata mai gyaran ya riƙe shi ne, aikinsa fito da tawadar da ke jikin takarda. Inda tawada ta ƙare, nan ikonsa ya ƙare.

A ɗauki misalin wasiƙar da aka rubuta shekararta da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi. A lissafin malaman ƙasar Hausa, shin dubu ne, sin ɗari uku, kaf ashirin. Idan harafin ƙarshe jim ne, wanda ke matsayin uku, shekarar ta zama 1323 ta Hijira, wato 1905, zamanin Yero. Idan kuwa ha ƙarami ne, mai matsayin takwas, ta zama 1328, wato 1910, zamanin Dikko. Bambancin haruffan biyu ɗigo ɗaya ne a ƙasa. Wanda ya ga ɗan duhu a wurin ya ƙara masa baƙi don ya fito sosai, ya mayar da wasiƙar zamanin wani sarki da hannunsa.

Kafin a yanke hukunci, sai an tabbatar duhun nan tawada ne. Zai iya zama kashin ƙuda, ko hudar gara, ko tawadar bayan takarda da ta ratso. Huda ita ce mafi sauƙin ganewa: a sa farar takarda a baya a ɗauki hoto, a sake da baƙa. Duhun da ya sauya kala rami ne. Don gane ratsowa, sai a ɗauki hoton bayan takardar, a juya shi kamar a madubi, a ɗora bisa na gaba. Idan duhun ya faɗa daidai kan wani harafi na baya, can ne asalinsa. Wanda ya tsallake waɗannan sai a gwada launinsa da girmansa da sauran ɗigogin marubucin a shafin.

Ɗaukar hoton ma tana da ƙa'ida. A ɗauka da launi, a 600 dpi, a adana a matsayin TIFF, domin JPEG yana matse hoto ya haifar da dabbare-dabbare a gefen haruffa. A kulle wannan hoto na asali, a yi aiki a kan kwafinsa. A manhaja irin GIMP ana iya raba hoton zuwa ja da kore da shuɗi. Tawada ruwan ƙasa da ta koɗe takan fi fitowa a shuɗin, ja kuwa yakan dushe tabon takarda ya bar baƙar tawada. Daga nan sai a daidaita haske da Levels a kan dukan shafin baki ɗaya. Wannan halattaccen gyara ne, tunda kowa zai iya maimaita shi ya samu abu ɗaya. Clone kuwa, da ke kwaso tawada daga wani harafi ya liƙa a gurbin da ya yage, rubutu ne sabo da hannun mamaci.

Ko na'ura takan yi irin wannan karambani. A 2013 David Kriesel a Jamus ya gano cewa wasu na'urorin Xerox suna musanya 6 da 8 a takardun da suka ɗauka, saboda dabarar matse hoto da ke maye gurbin harafi da mai kama da shi. Shafukan sun fito tsaf, shi ya sa aka daɗe ba a lura ba.

Akwai masu cewa malamin da ya san salon wasiƙun fada zai iya cike gurbi daidai, tunda gaisuwa da addu'a tsarinsu sananne ne. Gaskiya ne, kuma asara ce a ƙi amfani da saninsa. Sai dai muhallin hasashensa shi ne kwafin da aka buga a gefe, inda tun taron Leiden na 1931 masana suka saba sa abin da aka cike cikin baka mai kusurwa, harafin da ake shakka kuma a yi masa alama. Ta haka mai karatu zai ga inda takarda ta yi magana da inda malami ya yi. Kuma inda sabo ba ya taimako, wato suna da shekara da iyakar gona, nan ne magada ke kai juna gaban alƙali. Idan ɗigon jim bai tabbata ba, a rubuta shekarun biyu, 1323 ko 1328, a bar hoton da duhunsa yadda aka same shi.