Karin Magana Ba Ta Mayar da Kowa Tsoho

'Yan'uwa marubuta, akwai wata lalaci da ta zama ruwan dare a labaranmu. In ana son tsohuwa, sai a cusa mata karin magana uku a baki. In ana son ɗan boko, sai a yayyafa masa Turanci. Wai an bambanta murya ke nan. Ba a bambanta komai ba. Cire karin maganar da Turancin, za ka tarar mutum ɗaya ne ke surutu tun shafin farko, wato marubucin.

Shekaru da ilimi suna fitowa ne a yadda mutum ke tunkarar magana: sunan da yake kiran ka da shi, inda yake farawa, da abin da kunya ta hana shi faɗa.

Ga misali. Sani ɗan fari ne, zai tafi Legas neman aiki, kuma babu mai son tafiyar a gidan. A rubutun farko kowa cewa yake, "Sani, bai kamata ka tafi ba, akwai haɗari." Bari mu sake.

Kaka: "Maigidan, ashe saki na za ka yi? To wa zai riƙa sayo mini goro?" Wasan jika da kaka ne, amma a ciki ta ɓoye tsoronta.

Uwa ba za ta kama sunan ɗan fari ba, ba ma lalle ta dube shi ba. Ƙanwarsa za ta ce wa, "Gaya wa yayanku ya bari sai bayan salla."

Kawu ma'aikacin banki: "Sun ba ka takardar ɗaukar aiki? Nawa ne albashin, nawa ne hayar ɗaki a Agege?" Babu Turanci ko ɗaya, amma ka ji boko, domin takarda da lissafi yake nema kafin ya yarda.

Ƙanensa ɗan shekara 10: "Yaya, in ka tafi wa zai kwana a ɗakinka?" Yaro ba ya kewaye-kewaye, abin da ya shafe shi yake tambaya.

Wani zai ce ai tsofaffi suna karin magana. Gaskiya ne, amma sau ɗaya, inda za ta kashe gardama, ba duk buɗe baki ba. Kuma mu daina mayar da wanda bai yi boko ba wawa. Malamin zaure mai ilimi ne. Jero hujja zai yi, ya kawo mas'ala, cikin natsuwa. Sakkwatanci kuwa gari yake nunawa, ba jahilci ba.

Kafin ka saki babi, goge duk "in ji wane", ka ba wani ya karanta a bayyane. In ya kasa gane mai magana, koma ka tambayi kanka: wannan mutumin, me ba zai taɓa iya faɗa wa wancan kai tsaye ba? Daga nan za ka fara gyara.