Lissafin da Mai Gidan Caca Ba Ya So Ka Yi

Ya ɗan'uwa, wasu matasanmu suna cewa zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo ba caca ba ce, wai sanin wasa ne da lissafi. To, tunda lissafi suka kira, mu yi shi tare.

Lambar da kake gani kusa da sunan ƙungiya, wadda ake kira kot, ita ke faɗin sau nawa za a ninka kuɗinka idan ka ci, har da uwar kuɗin a ciki. Raba 100 da wannan lamba, sai ka samu kashi nawa cikin ɗari kot ɗin yake ba wannan sakamako.

Ɗauki wasa guda: cin masu gida 2.00, kunnen doki 3.20, cin baƙi 4.00. Idan ka raba 100 da 2.00 ka samu 50, da 3.20 ka samu 31.25, da 4.00 ka samu 25. Wasa ba ya wuce ɗayan ukun nan, don haka jimla ta gaskiya 100 ce cif. Amma haɗa su ka gani: 106.25. Wannan rarar 6.25 rabon mai gida ne, ya saka shi tun ba a busa usur ba.

Kana shakka? Sayi sakamakon uku duka, yadda kowanne ya fito za a ba ka sefa 10000. Sai ka zuba 5000 a kan na farko, 3125 a kan na biyu, 2500 a kan na uku. Ka fitar da 10625, an mayar maka da 10000. Tikitinka ya ci, amma aljihunka ya ragu da 625, kusan kashi 6 cikin ɗari na abin da ka zuba.

Tikitin da ake haɗa wasanni da yawa ya fi muni, domin kowane wasa yana yankar nasa rabo daga abin da na baya ya rage. A wasa biyar masu irin wannan rara, abin da ake tsammanin ka rasa ya kai kusan kashi 26, a wasa goma kusan 45. Wanda ya ci aka yi ta yaɗa hotonsa, da kuɗin waɗanda suka faɗi aka biya shi.

Kada ka fahimce ni a baibai. Ko da jimlar ta tsaya a 100, hukunci bai sauya ba, domin aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta ambaci caca tare da giya, ta umarce mu da nisantarsu. Lissafin nan ya rushe uzurin mai cewa sana'a ce kawai. Wace irin sana'a ce ake rubuta asararka a jikin farashinta?

Ka zauna da ɗanka ko ƙanenka yau, ku haɗa lambobi ukun nan da ke cikin wayarsa, ya ga jimlar da idonsa. Kuɗin cefane amana ne da za a tambaye mu a kansa. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya wadata mu da halal.