Ranar ƙarshe ta rangwame: yaushe za a tunatar, da wace kalma?

Tun da WhatsApp ya fito da sashen Statut a shekarar 2017, ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu sankira wanda ba ya neman la'ada. Mai kanti ya ɗauki hoton hajarsa, ya rubuta « an yi ragi », ya zauna jiran masu saye. Amma duk wanda ya taɓa karya farashi na mako guda ya san inda gizo ke saƙa: mutane suna gani, suna cewa « sai gobe », har wa'adi ya cika kaya na jibge. Sanarwar ranar ƙarshe ita ce ke raba mai niyya da jinkirinsa, kuma ita ce aka fi rubutawa da ganganci.

A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Ya sauke turmi 60 daga jika 12 zuwa jika 9, na kwana bakwai, don ya haɗa kuɗin sarin sabon kaya. Ana gobe rufewa saura turmi 18, wato jika 162 da ke kwance cikin kanti. Abin da zai rubuta cikin awa 24 masu zuwa shi ne zai sa kuɗin nan su shigo ko su ci gaba da kwana.

Tun kafin a zo ga rubutu, sai a dubi ranar da aka zaɓa. Rangwamen da ya ƙare ran 20 ga wata ya rufe ƙofa gaban ma'aikacin gwamnati, domin a lokacin aljihunsa ya bushe. Wanda ya ƙare kwana biyu ko uku bayan albashi ya faɗo, ya same shi da abin hannu. In kuma ranar ta dace da cin kasuwa, kamar Juma'a a Maraɗi ko Alhamis a Damagaram, to an haɗa mutanen gari da na karkara a wuni guda.

Lokacin sanarwa kuwa daga baya ake ƙirga shi. Mai kanti ya fara da sa'ar rufewa, ya tambayi kansa: awa nawa mai saye ke bukata kafin ya iso da kuɗi a hannu? Matar aure za ta shawarci maigida. Ma'aikaci sai ya tashi daga biro. Na Tasawa ko Madarumfa sai ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana, a kai masa kaya tasha. Sanarwar da ta fito minti talatin kafin rufewa ba ta amfani ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ta bar musu haushi.

Don haka sanarwa uku sun wadatar. Ta farko a daren jajibiri, bayan sallar isha'i, lokacin da an ci tuwo, kowa ya jingina da salula a hannu, mai neman shawara kuma yana tare da wanda zai shawarta. Ta biyu da safe, wajen ƙarfe 7, kafin a shiga biro, kafin kasuwa ta ɗauki zafi. Ta uku awa uku kafin rufewa: in ƙarfe 6 na marece za a rufe, a fitar da ita ƙarfe 3, ta yadda wanda ya gani zai yi la'asar ya hau kabu-kabu ya iso cikin natsuwa. Abin da ya wuce uku ya zama naci, kuma mai naci a WhatsApp ana rufe masa baki da taɓawa guda, ba tare da ya sani ba.

A Facebook lissafin ya bambanta. Shafin ba ya jera rubuce-rubuce bisa sa'ar da aka yi su, yana iya nuna ma mutum sanarwar safe da dare, ko ma washegari. A can ta jajibiri ce mai nauyi, ta marece kuwa a bar ma WhatsApp.

Wannan ya kawo mu ga kalmomi biyu masu cin amana: « yau » da « gobe ». Statut yana zama awa 24 kafin ya ɓace. Mai atamfa ya rubuta « gobe ne ƙarshe » daren Alhamis. Wata malamar lakwal da ba ta da rezo sai da safe ta karanta ran Juma'a, ta ɗauka Asabar ake nufi. Ta zo Asabar da jika 9, aka ce mata 12. An yi asarar ciniki, an kuma yi asarar mutum. Maganin abin shi ne a ambaci sunan rana da kwanan wata da sa'a, kowane lokaci. Ga yadda ta safe za ta kasance:

« Juma'a 2 ga wata, ƙarfe 6 na marece, rangwamen atamfa zai ƙare. Turmi 9.000 F maimakon 12.000 F. Saura turmi 18. Na nesa su aiko kafin ƙarfe 4. Asabar farashi ya koma 12.000 F. »

Wa'adi ne a gaba, domin layin farko kaɗai mai gaggawa ke karantawa. Doguwar gaisuwa a ajiye ta don wanda ya amsa. An rubuta tsohon farashi da sabo, ba « kashi 25 cikin ɗari » ba, don kada a ɗora ma mai saye lissafi. Harafin F ma yana da aikinsa a ƙasar da baki ke ƙirga da dala, alƙalami kuma da faran: « 500 » tsirara wani zai karanta dala 500, wato 2.500 F. Tunda ba kowa ke karanta boko ba, a biyo da saƙon murya na rabin minti, a faɗi farashin da jika kamar yadda ake faɗa a kasuwa. Ta marece ba ta bukatar sabon zance, adadi kawai za a gyara: « saura turmi 7 », in da gaske bakwai ne.

A tuna kuma cewa Statut ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai kanti, shi ma ya ajiye tasa. Haka saƙon Liste de diffusion ba ya shiga salular wanda bai ajiye lambar ba. Manyan abokan ciniki goma ko ashirin sun cancanci a aika ma kowanensu nasa, da sunansa.

Washegari ake gane inda aka yi kuskure. In waɗanda suka duba kaɗan ne, lokaci ne bai dace ba. In sun duba da yawa suna tambayar « nawa ne? », farashi ne bai fito fili ba. In sun cika kanti ran Asabar suna neman ragin jiya, to wa'adin ne ba a fayyace ba, ko an manta ba a goge sanarwar ba bayan rufewa.

Jarrabawa mafi girma tana zuwa ne in turmi biyar suka rage. Zuciya za ta ce a ƙara kwana uku. Wanda ya bi ta ya koya ma mutane cewa ranar ƙarshensa ba ta da ƙarshe, kuma waɗanda suka bar aikinsu suka rugo za su ji an yi wasa da hankalinsu. Turmi biyar ba sa ruɓewa, suna iya jiran wani watan bisa farashinsu. Maganar ɗan kasuwa kuwa zarar bunu ce: in ta fita ba ta komawa, kuma da ita zai kira mutane a rangwame na gaba.